Yadda ake shirya ɗaukar tallan bidiyo da waya ɗaya da hasken rana

Masu ƙananan sana'o'i a Katsina sukan kira ni da magana kusan iri ɗaya: suna son ɗan bidiyon talla da za su sa a WhatsApp ko TikTok, kuɗin kuma ba yawa. Babu sutudiyo, babu fitilun ɗauka, babu kyamara sai wayar da ke aljihuna. Na yi irin wannan aikin sau da yawa, kuma abin da ya fi ba ni wuya kafin in gane shi ne cewa mai waya ɗaya ba shi da ikon juya haske. Ba ka iya matsar da rana, ba ka iya rage ta. Sai dai ka san inda za ta kasance da ƙarfe nawa, ka jera aikinka a kan tafiyarta. Saboda haka yawancin aikin kwana ɗaya ko biyu kafin ɗauka ake yin sa, da biro da takarda da agogo.

Zan bi da kai ta wani aiki da na yi cikin Janairu, tsakiyar hunturu: tallan sakan 30 na turaren wuta, na wata Hajiya, yayar abokina, da ke haɗa turarenta a gida can wajen Ƙofar Marusa.

Kayan da za ka tanada

Wayarka, da caji cike, da fili a cikinta. Bidiyon 1080p yakan ci kamar MB 60 zuwa 130 a minti ɗaya, gwargwadon waya, don haka GB 5 ya ishe ka tallan sakan 30 har da saura. Fawa bank da igiyarsa. Tsumma mai laushi na goge idon kyamara, irin na gilashin ido. In babu, tsohuwar singileti mai tsabta. Farin kwali babba guda biyu, irin wanda 'yan makaranta ke saye a shagon littattafai. Zani ko mayafi mai duhu, marar ado, baƙi ko ruwan ƙasa. Madubi mai girman faranti. Abin ɗora waya mai ƙafa uku in kana da shi. In ba ka da shi, zuba gero ko shinkafa kamar rabin mudu a leda ko safa, ka ɗaure, ka ɗora bisa kujera, ka nitsa gindin wayar a ciki. Tana tsayawa cak, kana kuma iya karkata ta yadda kake so. Sai takarda da biro, da mutum ɗaya mai taimako wanda ba zai gaji da riƙe kwali ba.

Abin da na kashe a aikin Hajiya bai wuce kuɗin Keke Napep zuwa da komowa sau uku ba, da kwali biyu, da gawayi, da data.

1. Zauna da mai kaya, ku fitar da magana ɗaya

Duk mai sana'a yana son a faɗi komai. Hajiya ta jero mini turare kala shida, da humra, da kayan gyaran amare, da cewa tana aikawa Daura da Funtuwa da Kano. Na ce, "Hajiya, a cikin duk waɗannan, wanne ne in mace ta saya sau ɗaya take dawowa?" Ba ta ko yi tunani ba ta ce haɗin sandal da kajiji. To shi ne tallan. Sauran su jira nasu bidiyon.

Tambayoyi uku nake yi kullum: wane kaya guda ɗaya, wa ake so ya saya, me ake so ya yi in ya gama kallo. A nan amsar ita ce haɗin sandal, matan aure da masu haɗa kayan amarya, su turo saƙo ta WhatsApp. A wannan zaman kuma za ka ji abin da ba a so. Hajiya ba ta son fuskarta ta fito, maigidanta kuma ba zai yarda namiji ya shiga cikin gida da kyamara ba. Gara ka ji wannan tun yanzu da ka ji shi ranar ɗauka kana tsaye a ƙofa da kaya a hannu. Muka tsaya a kan zaure, da hannun ƙanwarta mai lalle, da muryar Hajiya.

2. Rubuta abin da za a faɗa, ka auna shi da agogo

Sakan 30 ba ya ɗaukar fiye da kalma 55 zuwa 65 in ana so a yi magana cikin natsuwa. Kada ka yarda da ƙirgen kalmomi kaɗai. Karanta da ƙarfi kana kallon agogon waya, ka bar sakan 3 ko 4 a ƙarshe don lambar waya ta zauna a fuskar allo. Ga abin da muka rubuta:

"Kin share ɗaki, kin gyara gado, kin canja labule. Saura abu ɗaya. Haɗin sandal da kajiji, haɗin hannu, a gida ake yin sa nan Katsina. Ɗan kaɗan za ki zuba a kasko. Baƙo na yin sallama zai san an gyara ɗakin nan. Akwai ƙaramar kwalba, akwai babba ta amare. Turo saƙo ta wannan lambar, a kawo miki har gida."

Hajiya ta so a ƙara cewa ƙamshinsa yana sati a ɗaki. Na ce, "Hajiya, tsakani da Allah yana satin?" Ta yi dariya ta ce kwana biyu dai a labule. Muka bar zancen satin. Garin nan ƙarami ne a wajen ciniki, wadda ta saya ta ga ba haka ba a gidan biki za ta ba da labari. Haka kuma in kayan na ci ne ko na shafawa, kada ka rubuta cewa yana maganin wata cuta, ko da mai kayan ya nace.

3. Ɗauki murya tun kafin hoto

Yawancin masu farawa a nan suke faɗuwa. Suna tsayar da mai magana taku huɗu daga waya, a bakin titi, su ɗauki hoto da murya tare. Makirfon waya na kusa yake ji da kyau. Daga nesa ƙarar babur da injin markaɗe da iska duk ɗaya suke da muryar mutum a wajensa. Tunda wayarka ɗaya ce, ba za ta zama kusa da baki kuma nesa don hoto a lokaci guda ba. Sai ka raba aikin biyu.

Na ba ƙanin Hajiya wayar ya shiga da ita ciki, bayan na nuna masa abin da zai danna. Na ce su shiga ɗaki mai katifa da labule da kafet, su kashe fanka, su rufe ƙofa da taga, ta riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinta, ɗan gefe kaɗan don kada hucin numfashi ya riƙa bugun makirfon. Ta karanta sau biyar. Falo mai tayil da babu kaya a ciki shi ne mafi muni, murya tana amsa-kuwwa kamar a cikin randa. Lokacin da ya fi shiru a unguwarsu shi ne bayan yara sun tafi makaranta, kafin injin markaɗen makwabta ya tashi. Ka kuma duba lokacin kiran salla, kada ɗaukarka ta faɗa cikinsa.

Saurara da abin sawa a kunne kafin ka bar wurin. Karatun farko na Hajiya kamar mai karanta sanarwar rediyo ya fito, a sandare. Na aika ciki cewa ta ajiye takardar, ta faɗa kamar tana gaya wa ƙawarta a waya. Na huɗu muka ɗauka, ko da yake ta sauya kalma biyu.

Amfanin samun murya da wuri shi ne yanzu ka san tsawon kowace jimla, ka san hoto nawa kake buƙata da sakan nawa kowanne zai yi. In dole sai an ga mai magana a hoto, to matso da wayar kada ta wuce taku ɗaya da rabi daga gare shi, ko ka yi amfani da abin kunne mai igiya da makirfo, ka ɓoye igiyar cikin riga.

4. Je ka duba wurin, ka karanta ranarsa

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Ka je wurin kwana ɗaya kafin ɗauka, a daidai sa'o'in da kake son yin aikin, da wayar da za ka yi aikin da ita.

Zaure sutudiyo ne da ba a biya. Ciki da duhu-duhu, ƙofa ɗaya babba, haske yana shigowa ta gefe ɗaya a tausashe. Abin da masu sutudiyo ke sayen manyan fitilu masu lema don su samu ke nan. Shago mai ƙofa ɗaya ma haka, ko ɗaki mai babbar taga. Abin da za ka fara tambaya shi ne ina ƙofar take kallo. Ba sai da kamfas ba. Tambayi inda ake fuskanta in za a yi salla, ka san gabas ke nan da ɗan karkata arewa, sauran ka lissafa. Ƙofar da ke kallon gabas rana tana faɗowa cikinta da safe, sai bayan azahar take ba da haske mai laushi. Mai kallon yamma akasin haka. Mai kallon arewa ita ce ta fi sauƙin sha'ani a hunturu, don a watannin nan rana ta kudu take bi, ba ta leƙa wannan ƙofar, hasken yana zama kusan iri ɗaya tun hantsi har la'asar. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuwa, a nan Katsina, rana takan koma ta bi ta arewa, sai ƙofar kudu ta zama ita ce mai inuwar.

Zauren su Hajiya yamma yake kallo. Da na je da ƙarfe 10 na safe, na ajiye kwalba a kan kujera taku biyu daga bakin ƙofa, na tsaya yadda ƙofar take gefen hagun kwalbar, na ɗauki gwaji. Haske lumui, rubutun jikin kwalba ya fito tas. Na matsar da kujerar taku biyu ciki, hoton ya fara yin dishi-dishi, wuraren duhu suka cika da ɗige-ɗige kamar an watsa yashi. Wannan yashin shi ne alamar haske bai ishi wayar ba, tana ƙoƙarin cikewa da kanta. Hasken ƙofa da sauri yake raguwa in kana shiga ciki, idonka ba zai gaya maka ba don ido yana sabawa da duhu, sai allon waya. Na zana alama da gawayi a ƙasa inda ƙafafun kujera za su tsaya.

Na komo da ƙarfe 5 na yamma. Rana ta sauko, ta miƙo haske ta ƙofa har tsakiyar zaure. Wannan shi nake nema saboda hayaƙi, zan zo kansa. Na lura kuma cewa kafin 5 da rabi hazo ya cinye ƙarfinta, ko da yake a Janairu sai bayan ƙarfe 6 take faɗuwa. Wato rabin awa nake da shi, ba awa guda ba. Ban da na je, da ban sani ba.

In dole a waje za ka ɗauka, ka guji tsakar rana, daga 11 zuwa 3. Rana tana bisa kai, idanun mutum suna komawa ramuka biyu baƙaƙe, goshi yana ƙyalli, kowa yana yamutsa fuska. Awa ɗaya da rabi bayan fitowar rana, ko bayan la'asar, su ne naka. In lokaci ya matse ka, shiga inuwar bango ko rumfa mai rufi sosai. Ban da inuwar darbejiya, tana yayyafa wa mutum tabon haske da inuwa a fuska, iska na kaɗawa tabon yana rawa. Kowane lokaci na shekara da halinsa: hazon hunturu yana tausasa rana amma ƙura tana hawa idon kyamara da kwalabe, a bazara waya tana zafi ta katse ɗauka in ka bar ta a rana, da damina kuma girgije yana sauya maka haske tsakanin hoto da hoto.

Kafin ka tafi, tsaya shiru minti biyu ka kalli wurin. Akwai makarantar allo kusa? Yara za su cika ƙofa su tare maka hasken da kake taƙama da shi. Ka san lokacin tashinsu. Akwai bangon makwabta mai fenti kore ko shuɗi da rana ke duka? Launinsa zai shigo ya hau kayanka.

5. Jera hotuna bisa tafiyar rana, ba bisa tafiyar labari ba

Yanzu raba muryar jimla-jimla, kowace ka ba ta hotonta. Na Hajiya takwas suka zama: hannu yana gyara labule, kasko da garwashi, kwalba a buɗe, an matso sosai har ana ganin ɓarɓashin icen, hannu mai lalle yana ɗibar turare, yana zubawa a kasko, hayaƙi yana tashi, kwalabe biyu, ƙarama da babba, a jere, sai kwalba ɗaya da fili a samanta inda lamba za ta zauna. Kowanne sakan 3 zuwa 4.

Sai ka sake jera su a wata takardar bisa hasken da kowanne ke so. Na labule, da na kwalabe, da na ɗibar turare, duk na safe ne, 9 da rabi zuwa 11 da rabi. Uku na wuta da hayaƙi na yamma ne, ƙarfe 5. Akwai wani dalilin kuma: in ka fara da hayaƙi, zaure zai turnuƙe, hotunan kwalabe su fito kamar ta bayan labule. Abu mai tsabta a fara da shi, mai ɓata wuri a bar shi ƙarshe.

A gefen kowane hoto rubuta abin da yake buƙata da wanda zai kawo. Lalle ya zama an yi shi tun jiya. Gawayi a hura shi da ƙarfe 4 da rabi, ba ƙarfe 5 ba. Kwalaben da za a nuna a zaɓi masu takarda miƙaƙƙiya da ba ta jiƙe da mai ba.

6. Saita wayar tun a gida

Kunna Airplane mode. Na taɓa rasa hoto mafi kyau na wani tallan kilishi saboda kira ya shigo ana tsakiyar yanka, kuma ba a yanka abu sau biyu. Sa bidiyo a 1080p da 30 fps, wato hoto 30 a kowane sakan. 4K yana cin fili ninki biyu zuwa uku, yana ɗumama waya, WhatsApp kuma matse shi zai yi. In akwai HDR na bidiyo kashe shi, don yakan fito da wani irin haske fau ko launi a wanke a wayoyin da ba su iya nuna shi ba. Kunna Grid don layukan su taimake ka kada kwalba ta karkace. A tsaye za ka riƙe wayar, 9:16, tun daga hoton farko har na ƙarshe. Kyamarar baya, a 1x. Kada ka ja hoto da yatsu biyu, wannan yanka hoton kawai yake yi ya buɗa shi. Matsa da ƙafarka.

Abu mafi muhimmanci shi ne kulle haske da fokas, wato wurin da zai fito tas a hoton. Ɗora yatsa a kan abin da kake ɗauka ka riƙe. A iPhone za ka ga `AE/AF LOCK` a sama, a yawancin Android alamar kwaɗo take fitowa. Sannan ja alamar rana sama ko ƙasa har hasken ya yi daidai. In wayarka ba ta yin haka, sauke manhajar Open Camera, kyauta ce a Android, tana kulle haske har da launi. Dalilin kullewar: waya tana auna hasken duk abin da ta gani ta raba tsakiya. In farin mayafi ya shigo hoto sai ta rage haske, hannun mai lalle ya koma baƙi wuluk. Ya fita ta ƙara. Hoton ya riƙa numfashi ke nan. Fatarmu ta fi shan wahalar wannan, shi ya sa nake kullewa a kan hannu ko fuska, kuma ba na shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin kaya.

Kashe ƙwan lantarkin wurin in akwai wuta. Launinsa daban da na rana, sai rabin kwalba ya yi ja rabi ya yi shuɗi. Wutarmu kuma 50 Hz ce, a 30 fps wasu ƙwayayen suna sa layuka su riƙa gudu a hoto.

7. Ranar ɗauka

Da safe na rataya zani ruwan ƙasa a bango, taku biyu bayan kujera don kada saƙarsa ta fito, na shimfiɗa wani a kan kujerar. Ƙofa a hagu. Gefen dama na kwalba ya yi duhu, sai ƙanin Hajiya ya riƙe farin kwali a daman, kamar kamu ɗaya daga kwalbar, yana fuskantar ƙofa. Ka sa mai riƙon ya matso ya ja baya kana kallon allo, za ka ga inuwar tana buɗewa tana rufewa. Kada ka kashe ta duka. Ɗan duhun gefe ɗaya shi ke nuna kwalba zagayayya ce. In babu kwali, farin zani ko farar riga a jikin mai taimako ma tana yi.

Kwalba madubi ce. A gwajin farko ni kaina na fito a jikinta da farar shaddata, ga ƙofa ta zana farin tabo daidai kan sunan turaren. Na juya kwalbar kaɗan-kaɗan har tabon ya koma gefe, na yafa mayafi mai duhu a jikina. Goge kwalba da idon kyamara kafin kowane hoto. A hunturu minti goma ya isa ƙura ta sauka.

Kowane hoto ka ɗauke shi sakan 10 ko da 3 kake so, sau uku. Danna ɗauka, ƙirga biyu a zuci, sannan ka ce a fara. An gama, ƙirga biyu kafin ka tsayar. Hannu kuma ya yi komai a hankali, rabin saurin da aka saba. Ƙanwar Hajiya da farko ta ɗebi turare ta zuba kamar mai sa gishiri a miya, kafin ido ya kama har ta gama. Waya ta zauna a kan ledar geronta. Motsi ya fito daga hannu da hayaƙi, ba daga kai ba.

Da yamma sai hayaƙi. Hayaƙi ba ya fitowa a hoto sai abu biyu sun haɗu: haske ya ratsa shi daga gefe ko daga ɗan bayansa, bayansa kuma ya zama duhu. In rana tana bayanka tana dukan sa ta gaba, ɓacewa yake yi. In ka fuskanci ƙofa kai tsaye, farin waje ya haɗiye shi. Na ajiye kasko a cikin tsirin ranar da ya shigo, na koma ta ciki kaɗan na fuskanci bangon da zani yake, ƙofa tana hagu kuma ɗan gaba da ni, zanin yana cikin inuwa. Na kulle fokas a bakin kasko tun kafin a zuba, don in ka bar waya da kanta hayaƙin zai ruɗe ta ta riƙa neman inda za ta tsaya. Na rage haske kaɗan har bayan ya yi duhu sosai. Aka zuba ɗan tsunkule ɗaya. Hayaƙin ya miƙe siriri, ya murɗe, fari fat a kan duhu. Karo na biyu ƙanin ya cika hannu, zaure ya turnuƙe, muka ɓata minti bakwai muna fifita da kwali alhali rana tana sauka. Tsunkule ɗaya ya isa, kowa kuma ya tsaya cik, don ko wucewar mutum tana karya hayaƙin. Ƙofa a buɗe take zama saboda gawayi, kasko kuma nesa da zani.

In ƙofarka ba ta samun rana ko kaɗan, nan madubi yake aiki. Mai taimako ya tsaya waje cikin rana ya tura hasken ta ƙofa ya ratsa saman kasko. Ya jingina madubin da wani abu, don hannu yana rawa, kuma ku sani tabon hasken yana gusawa cikin 'yan mintoci.

Kafin ka naɗe kaya, buɗe takardarka, kalli kowane hoto a cikin inuwa da hasken allo a sama, ka buɗa shi da yatsu ka tabbata rubutu ya fito, sannan ka soke shi a jerin. Wanda ka gano ya lalace bayan ka isa gida sai gobe war haka.

8. Haɗawa da gwaji

A manhajar haɗa bidiyo irin CapCut ko InShot, murya za ka fara shimfiɗawa, sannan ka yanka hotuna a kanta. Ni da hayaƙin na buɗe, sakan biyu, kafin labule, don shi ne abin da zai tsayar da babban yatsan mai wucewa. Rubutu kaɗan: sunan kaya, unguwa, lamba. Sa su a tsakiyar allo, don TikTok da Instagram suna rufe ƙasa da gefen dama da nasu rubutun da maɓallai. Lambar ka karanta wa mai kaya ita ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar. Kada ka ɗora waƙar wani mawaƙi ba da izininsa ba. Ana iya kashe sautin bidiyon gaba ɗaya, muryar Hajiya ta tafi tare da shi. Namu babu kiɗa, sai ɗan ƙarar garwashi a ƙarƙashin murya.

In za ka tura wa mai kaya ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document, don ya isa yadda ka fitar da shi. In ka tura ta hanyar da aka saba za a matse shi, ta ɗora a sitatus a sake matsewa. Kafin ya fita duniya, sa shi a naka sitatus ɗin ka zaɓi Only share with, ka ware mutum ɗaya mai ƙaramar waya mai tsagaggen allo, irin wadda yawancin masu saye ke riƙewa. Karɓi wayar tasa ka kalla a tsakar gida, ba abin kunne. A na Hajiya, a nan na ga hoton garwashi ya yi duhu har ba a gane kasko ne, lambar kuma ta yi siriri. Na ƙara wa hoton haske kaɗan, na kaurara lambar, na ƙara mata sakan ɗaya, sannan na tura mata.